Kowa Ya Samu Gaba

ALHAJI: Hajiya, mutum 10 sun ajiye aiki bana cikin ma'aikata 40. Ɗaya bisa huɗu ke nan! Me suka ce a hirar sallama?

HAJIYA: Ga takardun, ranka ya daɗe. An tambayi kowa me ya sa zai tafi, kowa ya ce ya samu gaba, ya gode da zama.

ALHAJI: Alhamdu lillahi. Ashe ba laifinmu ba ne.

BABA MASINJA: Akwai ɗaya da ya samu gaba, wata uku ke nan yana kwance a gida.

ALHAJI: Wa ya sa bakinka?

HAJIYA: Bar shi, Alhaji. Wa ya yi musu hirar?

ALHAJI: Shugaban sashensu mana. Wa ya fi shi saninsu?

HAJIYA: A ranar ƙarshe, kuɗin sallama bai fito ba, takardar shaidar aiki tana kan teburin mutumin da ke tambayar. Ko ni ce, cewa zan yi na samu gaba. Shi ya sa na bari sai da kowa ya karɓi hakkinsa, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, na yi musu alkawarin sunan kowa ba zai fito ba. Mutum 8 suka amsa.

ALHAJI: Kuɗi ne, na sani. Ɗan Adam ba ya ƙoshi.

HAJIYA: Ban ma tambayi dalili ba. Cewa na yi, yaushe ka fara neman wani aiki, kuma me ya faru a makon? Albashin can shi ya karɓe shi, amma ni abin da ya tashe shi daga nan nake nema. Mutum zai iya shirya dalili tun daga gida, rana kuwa sai ya tuno abin da ya faru.

ALHAJI: Sai suka ce me?

HAJIYA: Akwai wanda aka soke wa hutu ana gobe zai fara. Akwai wanda aka zaga a gaban direbobi kan kayan da ba shi ya ƙirga ba. Mutum uku, ranar da aka canja jadawalin aiki da dare ba wanda ya sanar da su.

ALHAJI: Kai! Masu wannan bayanin su ne suka gode da zama?

HAJIYA: Su ne. Sai na ƙara da cewa, in ƙaninka ya zo neman gurbin da ka bari, me za ka gaya masa? Wanda yake jin nauyin kai ƙara, ba ya jin nauyin yi wa ƙaninsa gargaɗi.

BABA MASINJA: Ni dai na hana ɗan yayata.

ALHAJI: Baba, je ka duba ko an kulle ƙofa.

BABA MASINJA: A kulle take, ranka ya daɗe.

ALHAJI: To ba ni sunan wanda ya ce an zage shi, in kira shi.

HAJIYA: In suna ɗaya ya fita, ba wanda zai sake faɗa mana gaskiya, har waɗanda ke ciki. Maganar mutum guda kuma tana iya zama haushi. Tarawa ake yi a jera: sashe, shugaba, tsawon zama. Biyu sun tafi kafin wata 6, duka sun ce aikin da aka faɗa musu daban, wanda suka tarar daban. Wannan laifin ofishina ne, zan gyara tallar gurbin. Ɗaya mijinta aka yi wa canjin wurin aiki. Sauran 7 kuwa sashe ɗaya ne, mai kujera 8.

ALHAJI: Wane sashe?

BABA MASINJA: Ruwa ba ya tsami banza.

HAJIYA: Sito.

ALHAJI: Sito? Ai ƙanin uwargida ne a can. Yaro mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni.

BABA MASINJA: Kai kam yana gaishe ka.

HAJIYA: Kafin a yanke hukunci, a zauna da waɗanda ke siton yanzu, ba a gabansa ba, a ji ko maganar ta yi daidai. In ta yi, a gyara abu ɗaya da kowa zai gani: jadawali ya riƙa fita mako guda kafin lokaci, hutun da aka sa wa hannu kuma ba mai soke shi. Bayan wata 6 mu sake ƙirga masu tafiya daga sito. In ba su ragu ba, to ba jadawalin ba ne.

ALHAJI: Wata 6 ya yi nisa. Na gama shawara, gobe zan cire shi daga sito.

HAJIYA: Allah ya ƙara girma!

ALHAJI: In dawo da shi ofishinki, ya zama shugabanki. Tunda ya saba da hirar sallama.

HAJIYA: Baba, yau nawa ga wata?

ALHAJI: Me za ki yi da shi?

HAJIYA: Rubutawa zan yi, Alhaji. Akwai ranar da za a tambaye ni.