Ka Rasa Ɗaurin Auren Amininka? Ga Yadda Ake Ba Da Haƙuri

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ke kashe abota a garuruwanmu, kuma ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Mutum zai yi wa amininsa alkawarin zuwa ɗaurin aurensa, ranar ta zo ba a gan shi ba, sannan kunya ta sa ya shiga wasan ɓuya. Idan ya hango angon a bakin kasuwa sai ya sake hanya. Ranar da suka yi kiciɓis kuma sai ya buɗe baki da uzuri biyar a jere. Sau da yawa wannan ɓuyan da jerin uzurin sun fi rashin zuwan ciwo.

Ka fara fahimtar abin da ka yi. A ƙauye abokin ango ba ɗan kallo ba ne. Shi ke shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, shi ke raba goro da alawa bayan an shafa fatiha, shi ke tarbar baƙi, da dare kuma da shi ake raka ango a je sayen baki. Da ba ka zo ba, wani ne ya ɗauki aikinka, kuma duk wanda ya tambayi ango "Ina mutumin naka?" ya sa shi jin kunya a ranar da ya kamata ya yi farin ciki. Amsa gayyata ma yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa da suka zo a hadisi. Saboda haka haƙƙi ne ka tauye, kuma da wannan sanin za ka je.

Kada ka bari abin ya kwana biyu. A ranar, ko washegari da hantsi, ka kira shi. Kira, ba saƙon murya a WhatsApp ba, ba kuma ɗora hotonsa kana rubuta "Allah ya sanya alheri" don duniya ta gani ba. Kiran gajere ne: ka yi masa murna, ka ce ka san ka yi laifi, ka faɗi ranar da za ka zo. Kafin amarya ta cika mako ka taka da ƙafarka, domin zumunci a ƙafa yake. Ka zaɓi bayan la'asar, ka yi sallama a zaure, idan akwai mutane ka gaisa da kowa, sannan ka ja shi gefe. Ba da haƙuri a tsakiyar majalisa tilasta masa ne ya ce ya yafe ko zuciyarsa ba ta huce ba.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato maganar kanta. Mu ɗauka an ɗaura auren abokinka bayan sallar Juma'a a wani ƙauye na ƙasar Gaya, kai kuma da safe ka kai bijimi kasuwar Wudil, wadda ita ma ranar Juma'a take ci. Ka yi lissafin za ka sayar da wuri ka dawo, ciniki ya ja, ka zaɓi ka tsaya. Mai jerin uzuri zai ce: "Ai dillali ne ya riƙe ni, ga mota ta lalace a hanya, waya ba caji, kuma kai ma ba ka tuna mini da safe ba." Duba abin da ya faru. Laifi ya tashi daga kansa ya koma kan dillali, kan direba, kan waya, daga ƙarshe ya sauka a kan angon. Mai sauraro kuwa yana ƙirga su, kuma kowane uzuri na biyu yana rage darajar na farko. Ga shi a ƙauye ba a ɓoye tafiya: direban da ya ɗauko ka ɗan garinku ne, gobe zai faɗi ƙarfe nawa kuka baro Wudil. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ya dace bai wuce wannan ba: "Ango, na yi maka alkawari ban cika ba. Na tafi Wudil na ga kamar zan dawo kan lokaci, ciniki ya ja, na tsaya. Kuskurena ne, bai kamata in fita ranar ba. Na san na bar ka da hidima, na kuma ba ka kunya gaban mutane. Don Allah ka yafe mini." Dalili ɗaya ne, na gaskiya, sau ɗaya. Idan mantuwa ce ka ce ka manta. Idan rashin kuɗin mota ko na gudummawa ne ya sa ka ji nauyi, ka faɗa, amini ya fi karɓar wannan a kan ƙirƙirarriyar rashin lafiya. Kada ka ce "idan na ɓata maka rai", domin ka san ka ɓata. Kada ka soma da "amma". Kada kuma ka yi ta rantse-rantse, yawan wallahi tallahi a kan ƙaramar magana shakka yake jawowa.

Ku tuna Ka'abu ɗan Malik, Allah ya yarda da shi. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira. Da Annabi (SAW) ya dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa. Ka'abu, duk da iya maganarsa, ya ce ba shi da wani uzuri. Ya sha ƙauracewa na kwana 50, sannan karɓar tubarsa da ta 'yan uwansa sahabbai biyu da su ma ba su fita ba ta sauka a Suratut Tauba, aya ta 118. Lamarin ya fi ɗaurin aure girma nesa ba kusa ba, amma ya nuna mana cewa gaskiya mai ɗaci ce ke wanke mutum.

Bayan ka gama, yi shiru. Wannan ne ya fi wuya. Bar shi ya yi faɗa, kada ka katse shi da gyaran zance. Idan ya ce "Kai fa ba ka kyauta ba", ya ɗora da labarin yadda biki ya kasance, ya aika a kawo muku abincin amarya, to an wuce wurin. Idan kuwa ya ce "Ba komai" a gajarce, yana latsa waya, bai ba ka labarin komai ba, da saura. Kada ka matsa masa da "To ka yafe?" sau goma. Yi sallama, ka dawo bayan kwana biyu ko uku a yi hira kawai. Idan an ɗauki makonni yana nan a daskare, sai ka nemi abokinku ɗaya da yake jin nauyinsa ya raka ka.

Gudummawa tana nan a wuyanka, rashin zuwa bai sauke ta ba. Idan dubu 5 ya ba ka a naka, kada ka kai ƙasa da haka, in da hali ka ɗora. In ba kuɗi, kaza ko kwano biyu na shinkafa ba abin rainawa ba ne. Amma ka miƙa lokacin tafiya, bayan magana ta ƙare, don kada ya zama kamar sayen yafiya ka zo yi.

Kafin ka bar unguwar ka shiga wajen iyayensa. Durƙusa ka ce: "Baba, Allah ya sanya alheri, ban samu zuwa ba, a yi mini afuwa." Haka za ka gaya wa Inna. Su ma sun lura ba ka zo ba, ko ba su furta ba.

Idan rasuwa ce ka rasa, to nan ko dalili ɗayan ma ka ajiye shi sai an tambaye ka. Ka je ka zauna a tabarmar gaisuwa, ka ce "Allah ya jiƙan rai, ya ba ku haƙuri", ka yi addu'a. Zancen rashin zuwanka jana'iza jumla ɗaya ya ishe shi, kuma bayan an watse za ka faɗe ta, kai da shi kaɗai.