Gatse a sharhin kwastoma: a daina tilasta wa manhaja zaɓi biyu

Jama'a, musamman matasanmu na Sakkwato da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhajar tace sharhin kwastomomi, ina roƙonku ku daina raba kowane sharhi gida biyu kacal, yabo ko kushe. Wanda wannan rabon yake cutarwa shi ne mai sana'ar da ya amince da ku.

A ce wata Hajiya tana sayar da abinci a Mabera, ana kai wa mutane har gida. Wani ya rubuto mata: "Madalla da wanga aiki! Na yi odar abincin rana, ya iso bayan isha'i. Allah shi saka da alheri." Manhajar da ke ƙirga kalmomi za ta ga "madalla" ta ba da maki ɗaya, ta ga "alheri" ta ƙara ɗaya, ta nemi kalmar kushe ta rasa, sai ta jefa shi cikin yabo. Alhali ko yaro ya karanta ya san gatse ne. Fushin mutumin yana cikin tazarar da ke tsakanin azahar da isha'i, kuma babu kalma ɗaya da ke ɗauke da shi. Hajiya za ta kwana tana murna, kwastoma kuwa ya tafi ke nan.

Na sha jin ana cewa maganin shi ne a duba makin tabbaci da manhajar ke bayarwa, duk abin da makinsa ya gaza 0.7 cikin 1 a miƙa wa mutum ya karanta. Wannan yana taimakawa ga sharhi mai ruwa biyu, wato wanda ya haɗa yabo da kushe a fili, amma gatse yakan wuce ta nan salin alin, domin mai gatse yana zuba kalmomin yabo fiye da mai yabo na gaskiya, sai manhajar ta yi kuskure tana cike da tabbaci. Abin da nake ganin ya fi shi ne a ƙara ƙa'ida ta biyu: duk sharhin da ya haɗa yabo mai ƙarfi da labarin abin da bai yi kyau ba, irin su jinkiri, ƙarin kuɗi, kaya a fashe ko waya ba a ɗauka, a ware shi gefe komai yawan makinsa. Za a ware wasu na gaskiya bisa kuskure, i, amma karanta su aikin 'yan mintoci ne.

Mai ruwa biyu lamarinsa daban. "Naman ya yi daɗi ƙwarai, amma ya iso da sanyi kuma yaron ba shi da ladabi." Nan ba wanda ya ɓoye nufinsa, magana ce a kan abubuwa uku. A yanka jimlar a wurin "amma" ko "sai dai", a ba ɗanɗano yabo, a ba kai kaya kushe, a ba mu'amala kushe. Da haka Hajiya za ta gane cewa girkinta lafiya lau yake, da mai babur za ta zauna. In aka dunƙule shi aka kira shi yabo ko kushe, wannan bayanin ya salwanta.

Masu binciken da suka fitar da NaijaSenti a 2022, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Yarabanci, Igbo da Pidgin, mutum uku suka sa su yi wa kowane saƙo alama, kuma cikin zaɓin da suka ba su har da na gauraye. Ku ma ku yi haka: ku ba 'yan gari mutum uku sharhin, kowa ya yi nasa ba tare da ganin na wani ba. Inda suka saɓa, ku tattara waɗannan wuri ɗaya, su ne masu wuyar.

Sannan kada adadin nasara ya ruɗe ku. A ce sharhi 200 kuka gwada, 20 daga ciki gatse ne. Manhajar da ta kuskure duka 20 ɗin amma ta ci sauran za ta nuna kashi 90 cikin 100, kowa ya tafa. Amma waɗannan 20 su ne mutanen da ransu ya fi ɓaci. Don haka ku auna masu wuyar su kaɗai, ku ƙirga kushe nawa aka saka cikin yabo, kuma wannan adadin za ku nuna wa Hajiya kafin ku karɓi kuɗinta.