Kara ɗaya a kwana na uku

Jiya da yamma a wata majalisa kusa da kasuwar Wunti, wani saurayi da ya yi kwana uku bai sha sigari ba ya miƙa wa mai tireda kuɗi, hannunsa na rawa, yana cewa, "Kara ɗaya kawai, tun da na daina tari ya dame ni." Abokansa har da ƙyasta masa ashana. Samari, wannan tufka da warwara ita ke ƙona mini rai.

Ka san abin da ka zubar kuwa, ƙanena? Minti 20 bayan karan ƙarshe, bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka. Cikin awa 12, gubar hayaƙin nan da ke tare wa iskar numfashi wuri a jini ta koma daidai. Kwana biyu, hanci da harshe sun fara farfaɗowa, ƙamshin daddawa a miya ya dawo maka.

Kwana na biyu zuwa na uku ne ƙololuwar wahala, domin nikotin, sinadarin taba mai sa jaraba, ya kusa ƙarewa a jiki, ƙwaƙwalwa na nemansa. Ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, duk daga nan suke, kuma cikin mako biyu zuwa huɗu suke lafawa. Ita kanta sha'awar 'yan mintuna take yi ta wuce, idan ka tashi ka sha ruwa ko ka tauna asuwaki. Ka sha mafi ɗacin maganin, sai kuma ka tofar?

Tarin da kake kuka da shi ma aikin gyara ne. Akwai 'yan siraran gashi a hanyoyin iska masu share majina, hayaƙi ya kashe musu jiki, yanzu sun farka suna kwashe dattin shekaru. Tsakanin wata ɗaya zuwa tara tari da haki ke raguwa. Amma tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga zufar dare ko jini a kaki, a je asibiti a gwada tarin fuka. Masu komawa shisha kuma wai ta fi sauƙi, an gudu ba a tsira ba, gawayinta ma gubar yake fitarwa.

Sannu ba ta hana zuwa. A shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, a shekara 10 na kansar huhu ya koma kusan rabin na mai sha, a shekara 15 zuciya ta yi kusa da ta wanda bai taɓa sha ba. Sai dai buhunan iskar huhu da suka fashe ba sa dawowa, kuma kara ɗayan nan shi ke jawo kwali.

Da can saurayi ko goro ba ya ci a gaban sa'an mahaifinsa, mai shan taba sai ya zagaya bayan gari. Jiya dattawa biyu na zaune a kan benci suna kallo, babu wanda ya ce uffan.