Amsar 2 ce, ba 4 ba, kuma ga dalili

Tun daren jiya raina yake a ɓace a kan takardar nan ta amsoshi da ake ta turawa yaran da ke shirin jarabawa. Ga abin da ke cikinta. An tambayi jimillar 1/2 + 2/4 + 3/8 + 4/16 + … har abin da ba iyaka, wanda ya shirya takardar ya rubuta 4, ya ja layi biyu a ƙasa. Ƙanwata ta samu 2, ta duba takardar, ta ɗauki abin goge rubutu ta share nata, ta mayar da shi 4. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Yaya, ai malami ne ya rubuta." Wallahi wannan maganar ta fi kuskuren ƙona min rai. Yarinya ta yi daidai da hannunta, an sa ta ta ƙaryata kanta.

Kuskure kowa yana yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya fitar da amsa bai dawo ya kalli jerin da aka ba shi ba. Duk matsalar ke nan.

Na san inda 4 ɗin ta fito, don hanyar da ya bi mai kyau ce, tsayawa ya yi bai ƙarasa ba. Dabarar ita ce ka manta da rabi na ɗan lokaci, ka sa harafi a gurbinsa. Akwai jerin da duk wanda ya yi lissafin sakandare ya sani:

1 + x + x² + x³ + … = 1/(1 − x)

Wannan gaskiya ne matuƙar x yana tsakanin −1 da 1. To namu jerin yana da lambobi 1, 2, 3, 4 a gaban kowane gida. Wane aiki ne a lissafi yake sauko da lambar da ke saman x ya ajiye ta a gabansa? Difarenshiyeshan. x³ yakan koma 3x², x⁴ ya koma 4x³. Shi ya sa ake yin sa a nan, ba don ado ba. Ka yi wa ɓangarorin biyu, sai ka samu:

1 + 2x + 3x² + 4x³ + … = 1/(1 − x)²

A nan mutumin ya tsaya, ya zuba x = 1/2, ya samu 1 a raba da 1/4, wato 4. Amma don Allah ku kalli abin da ya tara. Gidan farko 1 ne, na biyu 2/2, na uku 3/4. Namu kuwa da 1/2 ya fara, sai 2/4, sai 3/8. Ba jerinmu ba ne, ninkinsa ne. Dalili kuwa a fili yake: difarenshiyeshan idan ya sauko da lambar, yakan rage ta sama da ɗaya. Dole ka mayar da abin da ya ɗauke, ka ninka komai da x:

x + 2x² + 3x³ + … = x/(1 − x)²

Yanzu ne za ka sa rabi. Sama 1/2, ƙasa 1/4, amsa 2. Layi ɗaya tak ya tsallake, layin da kallon gidan farko kaɗai ya isa ya tuna masa.

Na zaunar da ƙanwata a kan tabarma da bayan wani tsohon kalanda, na ce mu tara da hannu. Rabi. Ƙara 2/4, ya zama 1. Ƙara 3/8, 1.375. Sai 1.625, sai kusan 1.78, sai 1.875. Da muka kai gida na goma muna kan 1.988, kuma gida na sha ɗaya, 11/2048, da ƙyar ya haura 0.005, na bayansa kuma kowanne kusan rabin wanda ya gabace shi ne. Na ce mata, "Daga ina sauran biyun za su fito har a kai huɗu?" Ta yi shiru, ta ɗauki fensir ta mayar da 2 ɗinta. Minti biyar bai cika ba. Wanda ya raba wa ɗaruruwan yara takarda bai iya ba ta minti biyar ɗin nan ba.

Wani ya ce min ai da an haddace x/(1 − x)² da ba a yi wannan kuskuren ba. A'a. Hadda ba tare da kallon jeri ba ita ce take haifar da wanda ya fi wannan muni. Ka ba mai haddar 2 + 8 + 24 + 64 + …, wato n sau 2ⁿ, inda n take lambar gida, ka gani. Zai sa x = 2, ya samu 2 a raba da 1, ya rubuta maka 2 hankalinsa kwance. Jerin da gidansa na biyu kaɗai 8 ne, kullum kuma ƙaruwa yake, ba shi da jimilla ma sam. Sharaɗin nan na −1 zuwa 1 ba ƙa'idar cika takarda ba ce. A cikinsa ne jerin yake taruwa wuri ɗaya, a cikinsa ne kuma aka halatta maka bin gidaje marasa iyaka ɗaya bayan ɗaya kana yi musu difarenshiyeshan. Ka fita daga cikinsa, fomular za ta ci gaba da ba ka lamba, ba za ta ce maka ka ɓata ba.

Wani kuma ya ce me ya kai mu wannan wahalar, ai sai a kira jimillar S, a cire rabinta, a samu 1/2 + 1/4 + 1/8 + … = 1, S ta zama 2. Na sani, kuma daidai ne. Amma hanyar harafi aiki ɗaya take yi ta biya maka buƙatu da yawa. Kana son jimillar n/3ⁿ? Sa x = 1/3, ka samu 3/4. Kana son n²/2ⁿ? Sake yin difarenshiyeshan, sake ninkawa da x, za ka samu x(1 + x)/(1 − x)³, a rabi kuma ya ba ka 6. A can ma duk wanda ya manta ninkawar zai sake faɗawa ramin jiya. Ka kalli gidan farko. Ka tara huɗu ko biyar da hannu. Sannan ka ja layinka biyu.

Abin da ya ƙara dagula min lissafi shi ne wannan jimillar ta girmi kalkulas ɗin kansa, wato fannin lissafin da difarenshiyeshan yake cikinsa. Nicole Oresme, malamin nan na Faransa, ya nuna cewa 2 ce tun a ƙarni na 14, kusan shekara 300 kafin Newton da Leibniz, waɗanda suka kafa kalkulas, da zanen murabba'ai da ya jera ya sake musu tsari. Kuma ita ce amsar tambayar kwabo: idan kana jefa kwabo sama har sai fuskar da ka zaɓa ta fito, damar ta fito a jifa na farko 1/2 ce, sai a na biyu 1/4, sai a na uku 1/8. Ka ninka kowace da adadin jifan ka tara, jerinmu ne sak, matsakaicin jifa biyu. Na so na gwada wa ƙanwata da gaske, muka birkita gidan kaf ba mu samu kwabo ko ɗaya ba, sai da marfin kwalbar lemo muka yi, shi kuwa ba lallai ɓangarorinsa su zo daidai ba. Duk wanda yake da tsohuwar sulalla a ajiye, don Allah ya ara min.