Bidiyon zane na ƙyaftawa: ba ƙarfin salo ba ne

Wani ya tambaya: "Na mayar da bidiyo duka kamar zanen fenti, amma launi sai ƙyaftawa yake. In ƙara ƙarfin salon?"

A'a, ƙarawa ma sai ya ɓata. Hanyar Gatys ta 2015, wadda kwamfuta ke bi ta ɗora salon zane a kan hoto, hoto ɗaya take kallo, kuma tana iya farawa daga hargitsin ɗigo. Bidiyo mai hoto 24 a daƙiƙa, kowanne zai samu bugun buroshinsa daban, har bangon da bai motsa ba ya riƙa rawa. Nan ake gane ciwon.

Maganin: lissafa motsin ɗigon hoto tsakanin hotuna biyu masu bin juna, ka ja zanen hoton da ya gabata bisa wannan motsi, ka fara sabon daga kansa, ka hukunta bambanci, wato ka sa lissafin ya riƙa rage bambancin da ke tsakanin zanen biyu. Wurin da mutum ya matsa ya buɗe kuwa, cire shi daga hukuncin, in ba haka ba inuwarsa za ta bi shi.