Ranar da na fitar da na ɗaya guda bakwai a aji ɗaya

Wallahi ni na jawo wa kaina. Shekara da shekaru da kalkuleta da jan biro nake haɗa rizot ɗin ajina, ba wanda ya taɓa kuka da ni, sai wannan zangon na ce ai kai ya waye, na ɗauko laftof na buɗe Excel, har ina cika baki a ofishin malamai wai minti talatin ya ishe ni.

Ɗalibai 42 ne, darasi tara, kowane darasi gwaji maki 30 jarrabawa 70. Na jera sunaye a layin A, makin darussa daga B zuwa J, jimilla a K, abareji a L, sai matsayi a M. Jimilla ta fito sumul. Da na zo kan matsayi sai na rubuta wannan, na kama kusurwar akwatin na ja har ƙasa:

```
=RANK(K2,K2:K43,0)
```

Ko dubawa ban yi ba na buga na kai wa firinsifal. Ya gyara zaman tabarau, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce Malam, ajin naka na ɗaya nawa ke gare shi? Na ce ranka ya daɗe ai ɗaya ne. Ya ce to ni bakwai na ƙirga.

Abin haushin ma, yaron da sunansa ke can ƙarshen takarda, mai maki 212 cikin 900, wanda rabin zangon a barci ya yi shi, shi ma na ɗaya. Ashe da na ja fomular ƙasa, iyakar da take dubawa ma zamewa take yi tare da ita, a layi na uku ta koma K3:K44, a na huɗu K4:K45, haka haka, kowa da na ƙasa da shi kawai ake gwada shi. Shi kuwa gogan naka ba kowa a ƙasansa sai akwatunan da babu komai, da kansa ya yi gasa ya kuma ci. Maganin duka alamar dala ce da ke ɗaure iyakar wuri ɗaya:

```
=RANK(K2,$K$2:$K$43,0)
```

Na gyara, na ce alhamdulillahi an wuce wurin. Ina! Sai ga wata yarinya ta zo ta 41 amma giredinta A, abareji 80 cif. Rashin lafiya ta yi, darasi uku kacal ta rubuta, ta ci 80 da 75 da 85, sauran shidan na bar su fayau. Shi AVERAGE, fomular da na fitar da abareji da ita, ba ruwansa da akwatin da ba lamba, ko ABS ka rubuta, wato ɗalibi bai zo ba, tsallakewa yake, sai ya raba 240 gida uku maimakon gida tara. Da `=K2/9` na yi tun farko da 26.7 za ta fito, don a makarantarmu darasi tara ake rabawa ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba.

To ni da wayona sai na bi duk inda ba maki na cusa sifili. Abarejinta ya daidaita kam, amma washegari malamin lissafi ya tare ni a baranda rai a ɓace, wai wane yaro ne ya ci sifili a darasinsa? Mutum 41 suka zauna jarrabawarsa, jimillar makinsu 2132, abarejin darasin 52 ke nan, sifilina ya sa aka raba da 42 ya sauko 50.8, mafi ƙarancin maki kuma ya koma 0, ga waɗanda suka faɗi sun ƙaru da mutum ɗaya da ko alƙalami ba ta riƙe ba. Gaskiyarsa ce, na kwashe sifilaina na sa ABS a madadinsu, na bar `/9` ɗin yana aikinsa a gefe.

Akwai kuma wani da takarda ta nuna 70 amma giredi B, alhali daga 70 A ke farawa. 69.6 ne a ɓoye, na rage ɗigon a ido kawai, a ciki lambar tana nan yadda take. Sai da na sa `ROUND(K2/9,0)` kafin ido da giredi suka yi magana ɗaya.

Ranar raba rizot ina zaune ina jin kaina injiniya, sai ga wani uba riƙe da takardar ɗansa da ya zo na biyar, ya ce Malam, na ga na uku biyu, ban ga na huɗu ba. Na yi masa bayani cewa su biyun jimillarsu ɗaya, 688, shi ya sa suka raba na uku, na huɗu ya bi ruwa, mutum huɗu ne dai a gaban ɗansa. Ya yi shiru ya kalle ni, ya ce to tunda kujerar ba kowa a kai, a ba yarona mana.