Manhajar haɗa waƙa ba ta san irin baƙin cikin da kake nufi ba

A shagunan cajin waya da tura waƙoƙi na garuruwa irin su Ringim da Ɗambatta, matasa sun fara haɗa kiɗa da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Suno da Udio. Kukan da na fi ji a bakinsu shi ne kiɗan Turawa manhajar take ba su. A ganina rabin laifin na abin da suke rubuta mata ne. Mutum ya rubuta `sad` ko `cool` kawai, ya danna, ya zauna jiran abin da ke cikin ransa.

An horar da waɗannan manhajoji ne da ɗimbin waƙoƙi haɗe da bayanansu, akasari da Turanci. Kalmar `sad` tana manne da waƙoƙi masu yawan gaske da ba su yi kama da juna ba. Idan ita kaɗai ka bayar, manhajar za ta ɗauko abin da ya fi yawa a cikinsu, wato fiyano mai tafiya a hankali da murya mai rauni. `cool` ta fi muni, domin yabo ce kawai, babu sautin da take nunawa. Kamar ka miƙa wa tela yadi ne ka ce ya ɗinka maka mai kyau, ba ka ba shi awo ba.

A ɗauki mai ɗaukar bidiyon biki da ke son kiɗan da zai ɗora a kan kai amarya. Amarya tana kuka, gaskiya ne, amma kukan rabuwa da gida ne a tsakiyar murna, ƙawaye na tafi, gwaggonni na guɗa. Wannan daban yake da kukan gidan makoki, kuma kalma ɗaya ba za ta raba su ba. Abin da mai bidiyon zai tambayi kansa shi ne: me kunne zai ji?

Ya fara da saurin kiɗa, wanda ake aunawa da yawan bugu a minti ɗaya, ana rubuta shi `BPM`. Ba sai ya yi karatun kiɗa ba. Ya rera waƙar a ransa yana tafi, ya ƙirga tafin na daƙiƙa 15 da agogon waya, ya ninka sau huɗu. Idan tafi 22 ya samu, saurin 88 ke nan. Sai murya: mace ɗaya tana bayarwa, mata suna amshi. Sai kayan kiɗa, kuma uku ko huɗu sun isa, don idan ya jera goma manhajar za ta watsar da wasu.

Wurin kayan kiɗan ne ya fi ba mu wahala. Sau da yawa in ka rubuta kalangu ko ƙwarya ko sarewa, manhajar ba ta gane su, saboda kiɗanmu bai da yawa a abin da ta koya. Wannan abin yana damuna ƙwarai, amma kafin a gyara, dabarar ita ce a siffanta kayan da sunan da ta sani. A gurbin salon kiɗa zai rubuta:

```
West African wedding song, 88 BPM, female lead vocal, women's call and response chorus, hand claps, calabash percussion, talking drum, wooden flute
```

Duk abin da ke cikin wannan layi ana iya jinsa ko a ji babu shi, kuma nan amfaninsa yake. Suno kan fitar da waƙa biyu a duk dannawa. Ya saurara ya bincika: akwai tafi? Amshin ya fito? Idan amshi bai zo ba, ya koma gurbin baitoci ya sa `[Chorus]` a saman layukan da mata za su riƙa maimaitawa. Idan fiyano ya kutso, gara ya sa shi a `Exclude styles`, gurbin abin da ba a so, da ya rubuta `no piano` a cikin bayanin, domin ambaton sunan kaɗai kan iya jawo shi. Kuma abu ɗaya zai riƙa canzawa a kowane gwaji. In ya canza uku a lokaci guda, ba zai san wanda ya gyara ba, ga data tana tafiya.

Wani zai ce ai waƙa da zuciya ake jin ta, lissafi zai kashe mata armashi. Ban ce a jefar da kalmar yanayi ba. A sa ta a ƙarshen layi, bayan an faɗi sauri da murya da kayan kiɗa, lokacin tana da abin da za ta jingina da shi.

Duk da haka akwai inda bayani ba ya kaiwa. `talking drum` kan karkata zuwa kiɗan Yarabawa, sai a ji gangar ba ta yi kama da kalangun mahauta da muka saba ji a kasuwa ba. Muryar ma takan mayar da ƙ zuwa k, ta ɓata karin sauti har ma'anar baiti ta sauya. Idan haka ta faru, ya kunna `Instrumental` ya karɓi kiɗan zalla, ya nemo zabiyar garinsu ta ɗora muryarta a kai.